Tsatsar da ta tona asirin Gizo: yadda ake gina darasin auna fahimta a kan tatsuniya

Yaron da ya kai aji biyar ya san Gizo tun kafin ya san baƙi da wasali. Ya san wayonsa da kwaɗayinsa, ya san matarsa Ƙoƙi, ya san Kura ita ce kullum ake yi wa wayo. Wannan sabo ne ya sa tatsuniya ta daɗe a makaranta. Frank Edgar ya fara buga tarin tatsuniyoyin Hausa a 1911, daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya fito da littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni domin yara. Sai dai sabon nan shi ne kuma babban tarkon mai shirya darasin auna fahimta.

Idan aka ɗauko tatsuniyar da kowa ya sha ji a bakin kakarsa, yaro zai amsa tambayoyin ko bai dubi takardar ba. Shi ya sa malamin da ya san aikinsa yakan ƙirƙiro sabon labari, ya ɗora shi a kan tsohon tsari: a buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", Gizo ya shirya dabara, abu ya maimaitu sau uku, asiri ya tonu, a rufe da "ƙurunƙus". Kalma ɗari biyu zuwa ɗari uku ta isa, yadda ɗan aji biyar zai karanta sau biyu lokacin darasi bai ƙare ba.

Ga misali. Damina ta faɗi, Ƙoƙi ta ba Gizo tiya biyu ta irin gero ya je ya shuka. Gizo ya ratse gidan Kura, suka daka irin suka yi fura. Kullum da safe sai ya saɓi fartanya ya fita, ya kwanta a gindin tsamiya, da la'asar ya shafa taɓo a ƙafa ya dawo yana nishi. Sau uku Ƙoƙi tana cewa za ta kai masa abinci gona, sau uku yana hana ta. Wata rana tana shara sai ta ɗaga fartanyar, ta ga bakinta ya yi jawur da tsatsa. Ba ta ce uffan ba. Washegari ta bi sawunsa.

Tambayar farko ta zama mai sauƙi, wadda amsarta ke kwance a fili: tiya nawa Ƙoƙi ta ba Gizo? Irin wannan ɗaya ko biyu sun wadatar, don yaro ya sami ƙarfin gwiwa. In suka yi yawa, darasin ya koma kwafa, yaro ya nemo layin da ya yi kama da tambayar ya juye shi cikin littafinsa. Alamar hakan ba ta ɓuya: za ka ga amsar yara talatin iri ɗaya, har da waƙafi.

Zuciyar darasin ita ce wannan: me ya sa Ƙoƙi ta bi sawun Gizo? Babu jimlar da ta faɗi dalili. Dole yaro ya haɗa abin da ya karanta da abin da ya sani, wato fartanyar da ke shiga ƙasa kullum bakinta ƙyalli yake yi, wadda aka jingine ce take tsatsa. Wanda ya rubuta "don Gizo maƙaryaci ne" bai yi ƙarya ba, amma daga gida ya zo da amsarsa. Wanda ya ambaci tsatsa shi ne ya karanta. Saboda haka yana da kyau a ƙara wa tambayar jela: wace jimla ce ta nuna maka haka?

Akwai iyaka a nan. Yaron cikin birnin Kano da bai taɓa riƙe fartanya ba yana iya faɗuwa alhali karatunsa lafiya lau. Maganinsa jimla guda ce a farkon labarin, inda Ƙoƙi za ta ga fartanyar maƙwabcinsu tana walƙiya saboda noma. Hujja ta shiga cikin rubutun ke nan, kowa na iya tono ta.

Tambayar ma'anar kalma ma haka take. A tambayi "ya ratse" kamar yadda ta zo a labarin, yaro ya gano ta daga abin da ke kewaye da ita. Tsamin bakin Gizo kuwa, wanda ke sa yara dariya da dare, a rage shi a rubuce, domin mai koyon karatu yakan ɗauka ƙa'idar rubutun ke nan.

Kafin a shiga aji, akwai gwaji mai araha. Malam ya rufe labarin, ya karanta wa wani yaro tambayoyin kawai. Duk wadda yaron ya amsa daidai, a soke ta a sake wata. Tambayar da aka fi yawan gani, wato "wa ya fi wayo a wannan labari?", yawanci ita ce ke fara faɗuwa a wannan gwaji.