Takardar da ke raka mai kumburin wuya daga Djougou zuwa Parakou

Akwai maganar da ke yawo a tsakanin mutanenmu na zango, a Djougou da Parakou da ƙauyukan da ke tsakaninsu, cewa idan likita ya rubuta maka takarda ya tura ka babban asibiti to ya fid da rai ne, yana neman rabuwa da kai. Wasu kuma suna ƙarawa da cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa kumburin sai ya bazu. Saboda haka sai a naɗe takardar a sa a aljihu, a wuce wurin wanzami a cire belu, ko a tsattsaga kumburin a shafa magani. Bayan wata biyar a dawo, wuya ya yi tauri, ko kunu ba ya wucewa.

Ina ganin laifin jama'a a nan, amma na fi ganin laifin takardar kanta. Da yawa layi ɗaya ce: kumburin wuya, a duba. Mara lafiya zai yi tafiyar da ta haura kilomita 130, ya biya kuɗin mota, ya isa sashen kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa, a asibitin koyarwa na jihohin Borgou da Alibori da ke Parakou. Likitan da ya karɓi takardar ba shi da hanyar sanin ko wannan mutum na yau ne ko zai iya jiran wata guda. Kamar motar kaya ce ta iso ba takardar lodi: sai an sauke buhu-buhu kafin a san abin da ke ciki, sauran motoci kuwa suna jira.

Mu ɗauki misali. Magidanci ne ɗan shekara 54, manomi daga wajen Djougou, ya zo asibitin yanki da kumburi a wuya da ciwon maƙogwaro. Da Faransanci ake rubuta takardar a Benin, amma ga yadda ya kamata ta tafi.

Bayan suna, shekaru, gari, lambar waya da ranar rubutu, jimlar farko ita ce buƙata, ba tarihi ba. A ce: ina roƙon a ga wannan mutum cikin mako biyu, domin ina zargin daji a maƙogwaro da ya kai ga kaluluwar wuya, kuma yana buƙatar a leƙa hanci da maƙogwaro da na'ura. Wasu ma'aikatan lafiya suna jin nauyin rubuta zarginsu, kada su yi kuskure a gaban ƙwararre. Ai zargi ba hukunci ba ne. Shi ne ke sa a ɗauko takardar daga ƙasan tari a ɗora ta a sama. Ita kanta wannan iyaka ta mako biyu ba daga sama ta faɗo ba, ƙa'ida ce da aka daɗe ana aiki da ita a Ingila, har zuwa 2023, ga duk wanda ake zargin yana da daji.

Sai labarin ciwon, da lokaci a ƙididdige. "Ya daɗe" ba lokaci ba ne. Mutuminmu ya fara jin ciwon maƙogwaro mako takwas da suka wuce, a ɓangaren dama kawai, ya lura da kumburin mako shida, kuma yana ƙaruwa. Idan ba ya riƙe kwanan wata, a tambaye shi da Sallah, da girbin doya, da ranar kasuwa. Kaluluwar da mura ko ciwon haƙori ya tayar takan yi zafi, ta saɓe cikin mako biyu zuwa uku. Wadda ta wuce haka a wuyan mai shekara arba'in zuwa sama, ba zafi, ana ɗaukarta da zargi har sai an wanke ta.

A nan ne ake yawan barin abu mafi daraja: ciwon kunne. Mutumin ya ce kunnensa na dama yana suka, an haska an ga kunnen lafiya lau. Jijiyar da ke kai ji daga tushen harshe da gefen maƙogwaro tana da reshe a kunne, shi ya sa ciwon da ke can ciki yake bayyana a kunnen da ba shi da komai. Ciwon maƙogwaro na gefe ɗaya, da ciwon kunne na wannan gefen, da kumburi a wannan gefen, idan suka haɗu a takarda ɗaya, likitan Parakou ya riga ya san inda zai fara dubawa. A rubuta kuma ko murya ta dishe, ko haɗiya na wuya, ko akwai jini a yawu, ko hanci ɗaya ya toshe. Abin da babu ma a faɗa cewa babu, don a san an tambaya. Nauyi a rubuta da lamba: kilo 68 a katinsa na bara, kilo 61 yau.

Kumburin kansa a auna shi da abin awo. Na mutuminmu santimita 3 ne da 2, a dama, ƙasan kusurwar muƙamuƙi, mai tauri, ba ya motsi sosai, fatar kansa ba ta fashe ba. Wanda ya haura santimita ɗaya da rabi, ga tauri ga mannewa, abin damuwa ne. A faɗi ko yana hawa da sauka idan an haɗiyi ruwa, domin wannan halin maƙoƙo ne, hanyarsa daban. A faɗi abin da aka gani a baki, da ko akwai wasu kaluluwai a hammata da matsematsi.

Taba da giya a tambaya a keɓe, ba a gaban 'ya'ya ko suruki ba. Kara nawa a rana, shekara nawa, har da tabar gari da ake sawa a baki ko a shaƙa, da sodabi ko cukutu. Dattijo ba zai amsa wannan a cikin taro ba, kuma gaskiyarsa ce.

A ƙasarmu ba a rubuta irin wannan takarda a manta da tarin tibi, wanda ke kama kaluluwar wuya ko da mutum ba ya tari. A rubuta ko akwai zazzaɓin yamma, gumin dare, ko mai tari a gida, da sakamakon hoton ƙirji, gwajin majina da na ƙanjamau idan an yi da yardarsa. Wanda bai fito ba, kada a riƙe mutum a Djougou ana jiransa.

Magungunan da ya sha su ma da sunansu da kwanakinsu: amoksisilin na kwana bakwai sau biyu, ba sauyi. Wannan shaida ce, kuma dalili ne na daina sake rubuta wani. Irin su sifurofuloksasin suna iya lafar da tibi su ɓoye shi, magungunan kotizon kuma suna rage wani nau'in dajin kaluluwa na ɗan lokaci har gwaji ya rikice.

Maganar ƙarfe kuwa, akwai bambanci. Siririyar allurar da ake zuƙo ƙwayoyin kumburi da ita don dubawa ba ita ke yaɗa ciwo ba, ita ce matakin da aka fi so a fara da shi. Abin da ke ɓata aiki shi ne a yanka kaluluwar kafin a binciki maƙogwaro, ko da askar wanzami ko da wuƙar ƙaramin asibiti, domin yana iya dagula tiyatar da za a yi daga baya.

A ƙarshe a rubuta abin da aka gaya wa mara lafiya, da harshen da yake ji, Dendi ne ko Yom ko Hausa, da wanda zai raka shi, sannan suna da lambar mai turawa don amsa ta dawo. Idan kuwa numfashi ya fara ƙara, ko ya kasa haɗiye yawunsa, ba batun mako biyu kuma: a kira Parakou a waya, a tafi a ranar.

Ga ma'aikatan lafiyarmu, shafi ɗaya ne, minti goma ya isa. Ga 'yan uwa kuma, duk wanda aka ba wa wannan takarda a yau, a taimaka masa da kuɗin mota ya kai ta cikin makon nan.