Kuɗin da ke fita da ƙafarsu: yadda ake gano biyan wata-wata a takardar banki

Alat ya shigo da tsakar dare, an cire naira 2,500. Da gari ya waye mai wayar ya duba, ya ga wani suna da bai gane ba, ya yi tsaki ya ce wataƙila cajin banki ne, ya tafi harkarsa. Bayan makonni huɗu za a sake cirewa, kuma a lokacin ya riga ya manta da na farko. Haka kuɗin rajistar manhajoji da tashoshin kallo suke fita. Sau ɗaya mutum ya saka lambar katinsa, wani lokaci don gwajin kyauta na kwana bakwai, daga nan kamfanin ya ci gaba da cira ba tare da an sake neman lambar sirri ba.

Takardar bayanin asusu ta wata guda ba ta tona wannan asiri. A cikinta layin yana zaune tsakanin kuɗin man fetur da na data, ba abin da ya bambanta shi da su. Sai an jera watanni kusa da juna ake ganin sawunsa. Wata uku shi ne mafi ƙaranci, shida ya fi. Wanda kuma yake neman abin da ake cira sau ɗaya a shekara, kamar kuɗin sabunta sunan shafin intanet, sai ya nemi takardar wata goma sha uku, domin a cikin goma sha biyu sau ɗaya kawai zai bayyana.

A ɗauki misalin wata mai ɗinki da ta sauke bayanin katinta na Janairu zuwa Yunin 2024 daga manhajar bankinta, ɗanta ya kwashe layukan ya zuba su a Excel. Banki yana jera komai ne bisa kwanan wata, kuma wannan jerin shi ke ɓoye maimaici. Aikin farko shi ne a bar layukan kuɗin da suka fita kaɗai, sannan a sake jera su bisa sunan wanda ya karɓa. Nan take layukan da ke warwatse cikin wata shida za su taru wuri guda.

Sai dai sunan yakan zo da ƙura. Abin da aka saya ta hannun Apple yana fitowa da APPLE.COM/BILL, ko da kuwa manhajar ta wani kamfani ce dabam. Na Google yakan fara da GOOGLE da tauraro, sannan sunan manhajar ya biyo. Wasu kamfanonin kuma sunan dillalin da ya karɓar musu kuɗi ne ke fara bayyana, irin su Paystack da Flutterwave. A bayan sunan akan lanƙaya lambobi masu canzawa duk wata, shi ya sa layi biyu na kamfani ɗaya ba sa zama iri ɗaya sak. Maganinsa a buɗe sabon ginshiƙi da zai ɗauko haruffan farko kawai:

```
=LEFT(B2,12)
```

Idan banki yana fara kowane layi da kalmomi iri ɗaya kafin sunan kamfanin, sai a goge su tukuna, in ba haka ba komai zai zama ɗan gida ɗaya.

Da aka yi wannan, mai ɗinkin ta ga wata manhajar wasan yara ta bayyana sau bakwai, kowane karo 2,500: ranar 5 ga Janairu, 2 ga Fabrairu, 1 ga Maris, 29 ga Maris, 26 ga Afrilu, 24 ga Mayu da 21 ga Yuni. Ganin cira biyu a Maris, hankalinta ya tashi, ta ɗauka kuskure aka yi. Lissafin tazara ne ya warware zancen. Idan kwanakin suna ginshiƙin farko, a debe na sama daga na ƙasa:

```
=A3-A2
```

Amsar ta fito 28 a kowane layi. Wato ba duk wata ake cira ba, duk mako huɗu ne. Bambancin ba ƙarami ba ne: mako huɗu-huɗu yana ba da cira 13 a shekara, naira 32,500 ke nan maimakon 30,000. Biyan wata-wata na ainihi tazararsa tana yawo tsakanin kwana 28 da 31, gwargwadon tsawon watan, kuma ranar ba ta cika gusawa ba. Idan ta gusa da kwana ɗaya zuwa uku, sau da yawa ƙarshen mako ne ya shiga tsakani, ko kuma an karanta ranar da banki ya shigar da cinikin a littafinsa maimakon ranar da aka yi shi. Takardu da yawa suna ɗauke da duka biyun, don haka a zaɓi ɗaya a tsaya a kanta.

A nan ne kwasar bayanai daga PDF take yin ɓarna. Kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka za ta karanta 02/03 a matsayin 3 ga Fabrairu, alhali banki 2 ga Maris yake nufi. Alamarsa ita ce tazara ta riƙa fitowa da lambobi marasa kan gado, ko wasu kwanakin su ƙi lissafuwa sam. Dogon suna ma yakan karye gida biyu ya zama layi biyu. Kafin a yarda da jerin, a tara jimillar kuɗin da suka fita a gwada da jimillar da banki ya rubuta.

Adadin kuɗi shi ne shaidar da ta fi yaudara. Farashi yana tashi: a shekarar 2024 kaɗai Netflix ya ƙara kuɗinsa sau biyu a Najeriya, tsarin kallo a waya ya tashi daga naira 1,200 zuwa 1,600, sannan 2,200. Mai neman adadi iri ɗaya zai ɗauka abubuwa uku ne dabam. Abin da aka yi wa farashi da dala kuwa ba ya tsayawa ko kaɗan: dala biyar a canjin 1,530 naira 7,650 ce, a canjin 1,450 kuma 7,250. Idan suna da tazara sun dace, sauyin adadi ba ya kore komai.

Ba duk maimaici ne rajista ba. Mai shan mai a gidan mai ɗaya zai ga sunan sau goma, amma kwanakin a hargitse suke, kuma shi da kansa ya miƙa katin. Cajin alat da kuɗin kula da kati suna da tsari, sai dai na banki ne. Haka ma ɗan kuɗin da akan cira a mayar ranar da aka fara saka kati, gwaji ne kawai.

Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da biyan, kuma wannan ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane. Mai Android ya buɗe Play Store, ya taɓa hotonsa, ya shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. Mai iPhone ya shiga Settings, ya taɓa sunansa, ya zaɓi Subscriptions. Idan a shafin kamfanin aka yi rajistar kai tsaye, can za a koma a soke ta. A adana saƙon da ya tabbatar da sokewar, domin shi ne hujja idan aka je banki da ƙorafi.

A lissafin mai ɗinkin, cira ta gaba za ta faɗo ne ranar 19 ga Yuli. Wanda ya soke tasa rajistar, shi ma ya lissafa ranar da ta gaba za ta zo, ya rubuta ta, ya duba asusunsa a ranar da kwana uku bayanta.