Lissafin harajin albashi a Excel: ginshiƙai uku sun wadatar

Da yawa daga cikin ma'aikata na ɗauka cewa da zarar albashi ya haura wani mataki, to dukkan kuɗin ne ake yi wa sabon kaso. Ba haka abin yake ba. Dokar harajin Najeriya ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, hawa-hawa take yanka: naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, 2,200,000 da ke biye kashi 15, sai 9,000,000 na gaba kashi 18. Haka ake tafiya har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

A nan masu haɗa tebur suka fi tuntuɓe. Doka faɗin kowane mataki take ambata, Excel kuwa inda matakin ya fara yake bukata. Don haka sai an tara: a ginshiƙin A, daga A2 zuwa A7, a rubuta 0, 800000, 3000000, 12000000, 25000000, 50000000. Ginshiƙin B ya ɗauki kaso: 0%, 15%, 18%, 21%, 23%, 25%. Ginshiƙin C, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin, yana riƙe da harajin da ya riga ya taru kafin a iso matakin. A sa 0 a C2, a rubuta wannan a C3, a ja shi ƙasa:

```
=C2+(A3-A2)*B2
```

Kada a buga waɗannan alƙaluma da hannu. In doka ta sauya, A da B kawai za a gyara.

Sai a sa kuɗin shekara a E2, wato abin da ya rage bayan cire irin su fansho, ba albashin wata ba:

```
=VLOOKUP(E2,$A$2:$C$7,3,TRUE)+(E2-VLOOKUP(E2,$A$2:$C$7,1,TRUE))*VLOOKUP(E2,$A$2:$C$7,2,TRUE)
```

Wannan TRUE ɗin yana umartar Excel ya tsaya a mataki mafi girma da bai wuce kuɗin ba. Ɗauki mai naira 5,000,000. Excel zai tsaya a layin 3000000, ya ɗauko 330,000 da suka taru, ya ƙara kashi 18 na ragowar miliyan 2, wato 360,000. Jimilla 690,000 ke nan, ba 900,000 da zai biya da an yi wa duka kashi 18 ba.

Wanda ya sa FALSE zai ga #N/A, ya san akwai matsala. Abin tsoro shi ne kuskuren da ba ya kuka. In aka rubuta 2200000 a gurbin 3000000, mutumin nan zai tashi da 714,000, kuma babu abin da zai nuna an cuce shi. Haka ma in ginshiƙin A bai jeru daga ƙarami zuwa babba ba, amsa na iya fitowa a karkace. Shi ya sa kafin a lissafa albashin kowa ake gwada bakin iyaka: 800000 ya ba da sifili, 3000000 ya ba da 330,000, 12000000 kuma 1,950,000.