Adireshi Ɗaya Tak Ga Duk Saƙon Neman Aiki

Mu ɗauki misalin wata matashiya mai ɗaukar hoto a Kano, wadda ke son makarantu su riƙa ba ta aikin bikin yaye ɗalibai. Ta rubuta wa shugabannin makarantu goma, kowanne ta jibga masa hotuna goma sha biyar ta WhatsApp. Shiru kake ji. Ba aikinta ne ba shi da kyau ba. Mutumin da bai san ta ba, ga shi aiki ya sha masa kai, ba zai tsaya sauke tarin hotuna daga baƙuwar lamba ba. Abin da take buƙata shi ne gajeren saƙo, da adireshi ɗaya da zai kai mai karatu inda hujjar take.

Matakin farko shi ne mallakar adireshin. Sunan shafi a intanet haya ake yi, shekara-shekara. Na ƙarshen `.com` yakan kama dala 10 zuwa 15 a shekara, na `.com.ng` kuwa, wanda ke ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, ana biyansa da naira kuma ya fi sauƙi. Wurin ajiye shafin ana iya samunsa kyauta, kamar Google Sites, sai a ɗaura masa sunan da aka kama. Amfanin wannan shi ne, ko ta sauya wurin ajiya, ko an rufe mata Instagram, adireshin da ta raba wa mutane bara yana nan yana aiki. Da ta dogara da dandalin wasu kawai, da ta yi gini a filin aro.

Sai abin da baƙo zai tarar. Layin farko ya faɗi wace ce ita, me take yi, kuma a ina: "Ina ɗaukar hotunan bukukuwan makarantu da na aure a Kano da kewaye." A ƙasa ayyuka huɗu ko biyar mafi kyau sun isa, kowanne da bayani na layi biyu: wane irin taro ne, mutum nawa, a kwana nawa ta miƙa hotunan. Shugaban makaranta ya fi damuwa da cika alkawari a kan kyawun haske, don haka "ɗalibai 120, an miƙa cikin kwana uku" ya fi masa hoto ashirin. Ta kuma nemi izinin masu hoton kafin ta saka, musamman na yara da na amare. A ƙarshe maɓalli ɗaya na tuntuɓa. Idan WhatsApp ne, ana rubuta `wa.me/234` a bi shi da lambar, a cire sifilin farko.

Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne nauyi. Hoton waya ɗaya yakan kai megabayit 4. Ashirin sun zama 80 ke nan, kuma baƙon da ke lallaɓa datarsa zai fice kafin na uku ya buɗe. Idan ta rage faɗin kowane hoto ta matse shi zuwa kilobayit 200, duka ashirin ɗin ba su wuce nauyin guda ɗaya na asali ba, kuma a fuskar waya ido ba zai ga bambanci ba.

Yanzu saƙon. Tunda tana aiki iri biyu, ta raba su gida biyu: `/makarantu` da `/biki`. Shugaban makaranta kada a kai shi ƙofar gida a bar shi yana lalube cikin hotunan kamu da lalle. Ta rubuta masa: "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na ji bikin yaye ɗalibanku ya gabato. Ga irin aikin da na yi wa wasu makarantu, da tsawon lokacin da nake ɗauka. Idan ya yi muku, zan zo mu tattauna." Sai adireshin `/makarantu` ya biyo baya. Malam na iya tura shi ga kwamitin biki yadda yake, shafin ya yi mata magana a zaman da ba ta halarta ba.

Kafin ta tura, ta gwada a wayar wani, da data, ba a tata wayar da ta riga ta adana hotunan ba. Idan ya daɗe bai buɗe ba, hotuna ne suka yi nauyi. Idan ta ga `Not secure` kusa da adireshin, ba a kunna `https` ba, ta gyara a wurin ajiyar shafin. Sannan ta rubuta ranar ƙarewar hayar sunan a inda ba za ta manta ba. Saƙon da ta tura a watan Maris mai yiwuwa sai a Yuli za a tono shi, ranar da kwamiti ya zauna neman mai hoto, kuma a ranar ne ake so a tarar da ƙofa a buɗe.