Harajin Da Ake Jayayya A Kansa: A Biya Tukuna Ko A Jira Hukunci?

Dattawan ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba su manta da zamanin da dagaci ke bi gida gida yana karɓar haraji ba, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a shekarar 1979. Harajin yau kuwa a kan ribar mutum ake yanka shi, kuma Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano ita ke aiko wa ɗan kasuwa takardar abin da ta yanka masa. To, idan ya ga an ɗora masa fiye da kima, wace hanya zai bi?

Ga misali. Wani falke yana sayen masara a Doguwa da Tudun Wada, yana kaiwa Dawanau. Aka yanka masa naira 600,000, alhali littafin cinikinsa ya nuna 250,000 ne haƙƙin da ke kansa. Ashe abin jayayya 350,000 ne kaɗai.

Abu biyu sun wajaba a kansa ko wace hanya ya zaɓa. Na farko, dokar gudanar da haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta ba shi kwana 30 daga ranar da takarda ta zo hannunsa ya rubuta wa hukuma rashin yardarsa. Sai ya faɗi wurin da aka yi kuskure, da hujjarsa, da adadin da ya yarda da shi, ya kuma riƙe kwafi mai hatimin ofis da kwanan wata. In ya bari wa'adin ya wuce, 600,000 ta tabbata a kansa, ko da gaskiya na wajensa. Ƙorafin baki a gaban ma'aikaci ba ya tsai da wa'adi, haka nan rubuta rashin yarda a bayan rasit ba ya maye gurbin wannan wasiƙa.

Na biyu, ya biya 250,000 ɗin da bai musa ba a kan lokaci. In ya riƙe ta, tarar kashi 10 cikin ɗari za ta hau kansa, watau 25,000, ga kuma kuɗin ruwa, abin da kowane mai tsoron riba ke gudu.

Zaɓi dai yana kan 350,000. In ya jira, doka ta dakatar da karɓar wannan kaso har a yanke magana, ta kuma ba hukuma kwana 90 ta amsa. In ta yi shiru har kwanakin suka cika, an karɓi ƙorafinsa ke nan. In ta ƙi, yana da kwana 30 ya kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, wadda reshenta na arewa maso yamma ke zama a Kaduna. Amfanin jira shi ne jarinsa yana hannunsa da kaka, sa'ad da masara ke araha. Haɗarinsa kuwa, in ya faɗi, za a nemi kuɗin gaba ɗaya cikin ɗan gajeren wa'adi, watakila suna kwance cikin buhuna a sito, dole ya karyar da kaya.

In kuma ya biya duka, ya haɗa da wasiƙa mai cewa biyan nan ba amincewa ba ne, ƙorafinsa na nan daram. Ta haka ya huta da fargabar tara, kuma neman takardar shaidar biyan haraji zai zo masa da sauƙi, ita ce ake tambaya wajen kwangilar gwamnati da takardun fili. Amma kuɗin da ya shiga baitulmali ba ya fita da sauri. Ko ya yi nasara, sai ya nema a rubuce, a binciki lissafinsa, sa'an nan a mayar masa ko a cire daga harajinsa na gaba. Kafin nan kaka ta wuce, farashi ya tashi, kuɗinsa ba za su sayi buhunan da za su saya a da ba.

Saboda haka ma'auni shi ne hujja da bukata. Wanda littafinsa ya cika, yana da rasit na saye da na mota, jarinsa kuma yana juyawa, jira ya fi masa. Wanda hujjarsa ke da rauni, ko kwangila na jiransa, gara ya biya bisa sharaɗi. Wanda ya jira kuwa, ya ware kuɗin a inda hannunsa zai kai gare su da wuri, kada hukunci ya same shi ba shiri. Wassalam.