Kalmar sirrin daidai take, amma waya ta ce ba ita ba ce

Allon rubutun waya an ƙera shi ne domin hira. Shi ya sa yake mayar da harafin farko babban baƙi, yake sauya kalmar da bai sani ba da wadda ya sani, yake kuma ƙara tazara bayan kalma ba tare da an roƙe shi ba. A saƙon gaisuwa duk wannan taimako ne. A kalmar sirri kuwa ɓarna ce, domin na'urar da ke tantancewa ba ta duba ma'ana. A wurinta `g` daban, `G` daban, tazarar da ido ba ya gani ma harafi ce mai zaman kanta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, akwatin da ake rubutu a ciki iri biyu ne. Akwai akwatin kalmar sirri na ainihi, wanda wayar ta san matsayinsa. Za ka gane shi da alamu a fili: abin da ka rubuta yana komawa ɗigo-ɗigo, layin nan da ke kawo maka kalmomi a saman allo yakan ɓace, maɓallin kibiya mai kallon sama kuma ba ya kunna kansa. A irin wannan akwati, Android da iPhone duk suna kashe gyaran kai-tsaye da kansu. Sai akwatin rubutu na yau da kullum, inda allon yake da 'yancin taɓa duk abin da ka rubuta. A ganina nan ne mafi yawan matsalar take, domin kalmar sirri takan bi ta akwati na biyu kafin ta isa na farko: an ajiye ta a manhajar rubutu, ko an tura ta WhatsApp, ko an shigar da ita a wani shafin da ya bar akwatinsa a buɗe kamar na rubuta suna.

Mu ɗauki misalin mai shagon da ya sa wa Wi-Fi ɗinsa wannan kalma:

```
gyada7-Kulikuli-rani-52
```

Haruffa 23 ne idan an haɗa da lambobi da karan ɗori uku, kuma tsarin WPA2 yana karɓar daga 8 zuwa 63, don haka tsawonta bai wuce ƙa'ida ba. Yaron shagonsa ya ce, "Alhaji, a turo min fasawod ɗin." Alhaji ya buɗe WhatsApp ya fara rubutu. Tun kafin ya taɓa komai kibiyar ta riga ta kunna, sai `g` ta fito `G`. Da ya zo kan `rani`, allon da aka saita a kan Turanci bai san kalmar ba, yana iya mayar da ita `rain`. Abin da ya isa wayar yaro ke nan: `Gyada7-Kulikuli-rain-52`. Har yanzu haruffa 23 ne, kuma mai karantawa da sauri zai rantse ita ce. Yaro zai kwafa, ya liƙa, waya ta ƙi, ya sake, ta sake ƙi, a ƙarshe a ɗora wa netwok laifi.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Idan gyaran ya faru ne ran da ake ƙirƙirar kalmar, to abin da na'ura ta adana ba shi ne abin da ke kan mai ita ba. Daga ranar, duk lokacin da ya rubuta ta daidai za a ce masa kuskure ne. Wanda ya tsinci kansa a haka, kafin ya nemi sabuwa, ya gwada ta sau ɗaya da babban baƙi a farko, sau ɗaya kuma da tazara a ƙarshe. Kada dai ya yi ta gwadawa a manhajar banki, don yawancinsu suna kulle asusu bayan kuskure kaɗan.

Maganin yana cikin saitin allo. A Gboard, danna alamar saiti a saman allon, ka nemi `Auto-correction` da `Auto-capitalization`, ka kashe su. A iPhone hanyar ita ce `Settings`, sai `General`, sai `Keyboard`, inda za ka ga sunayen nan biyu, tare da na uku mai suna `Smart Punctuation`. Wannan na ukun ya zo ne da iOS 11 a 2017, aikinsa kuma shi ne lanƙwasa alamar `'` ta koma `’`, da haɗe karan ɗori biyu su zama dogon layi guda. Mai rubuta Hausa ya kamata ya kula da shi fiye da kowa, saboda kalmomi irin su 'ya'ya da sana'a. Miƙaƙƙiyar alama da lanƙwasasshiya kusan kamarsu ɗaya a kan gilashi, amma haruffa biyu ne daban.

Haka ma haruffanmu masu lanƙwasa. Ina son ganin ƙ da ɗ da ɓ a rubuce yadda ya kamata a ko'ina, amma a kalmar sirri shawarata a bar su. Wata rana za ka so shiga asusunka ta kwamfutar da ba ta da allon Hausa, ko ka haɗa talabijin da Wi-Fi, ka nemi ƙ ka rasa. Shi ya sa misalin sama ya ce `gyada` da d ta boko tsantsa. Masu waya mai allon Faransanci, kamar yadda ake samu a Maraɗi da Zinder, su tuna cewa A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W, kuma a akwatin ɗigo-ɗigo yatsa yakan tafi inda ya saba.

Ko a akwatin ainihi, inda babu mai gyara maka komai, kibiyar nan tana ba da wahala. Dannawa ɗaya na ba da babban baƙi guda, sannan ta koma. Dannawa biyu da sauri na kulle ta, duk abin da ya biyo baya ya zama manya. A misalinmu, yatsa ya taɓa ta sau biyu bisa kuskure, `Kulikuli` ta zama `KULIKULI`, ɗigo-ɗigon kuma ba za su faɗa maka ba. Dubi maɓallan kansu: idan haruffan da ke jikinsu ba su koma ƙanana ba bayan ka rubuta `K`, to a kulle take.

Idan ba kowa a bayanka, danna alamar ido da ke gefen akwati ka ga abin da kake rubutawa. Sai dai a wasu shafukan intanet, buɗe idon yana mayar da akwatin na rubutu zalla, kuma layin kalmomi ya dawo. Idan ka gan shi, kada ka zaɓi komai daga ciki, domin zaɓen yakan zo da tazara a bayansa. Rubuta kalmar gunduwa-gunduwa, ka tsaya a kowane karan ɗori ka duba. In ka hango kuskure a tsakiya, ba sai ka goge duka ba: a Gboard ja yatsa hagu ko dama a kan dogon maɓallin tazara, a iPhone kuma danne shi ka riƙe, sandar rubutu za ta tafi inda kake so.

Alhaji kuwa, tun Android 10 da ya fito a 2019 ba ya bukatar rubuta wa yaronsa komai. Ya shiga saitin Wi-Fi, ya taɓa sunan wanda yake kai, ya danna `Share`, lambar QR za ta bayyana. Yaro ya haska ta da kyamarar wayarsa, haruffa 23 ɗin su shiga yadda aka adana su.