Lissafin Igiyar Takalmi: Sanin Girman Fili Mai Karkatacciyar Iyaka

Fulotin da ya tafi sak, ƙafa 50 a ƙafa 100, ba ya wahalar da kowa: a ninka tsawo da faɗi, an gama. Amma gonar gado ko filin da hanya ta yanke wa gefe fa? Nan wasu dillalai kan auna gefuna huɗu da tef, su ɗauki matsakaici su ninka. Wannan kintace ne kawai, domin filaye biyu na iya yin daidai a tsawon gefuna, girmansu kuma ya bambanta.

Masu safiyo da kusurwa suke aiki. Kowane dutsen iyaka yana da lamba biyu a takardar safiyo: nisansa ta gabas da nisansa ta arewa, a mita. Dabarar da ake haɗa su da ita, Meister ya bayyana ta a 1769, ko da yake an fi jingina ta ga Gauss.

Mu ɗauki fili mai kusurwa huɗu. A jera su kamar yadda mutum zai zagaya iyakar da ƙafa, gabas a hagu, arewa a dama, sannan a maimaita ta farko a ƙasa:

```
A  10  10
B  40  14
C  36  34
D  12  28
A  10  10
```

A ninka gabas ɗin kowane layi da arewan layin da ke ƙarƙashinsa. Za a samu 140, 1360, 1008 da 120, jimilla 2628. Sai a juya, a ninka arewan kowane layi da gabas ɗin na ƙasa: 400, 504, 408 da 280, jimilla 1592. In an ja layukan ninkawar da biro, za su giggitta juna kamar igiyar takalmi, daga nan sunan ya fito. Tsakanin jimillar biyu akwai 1036, rabinsa 518. Filin murabba'in mita 518 ne ke nan, ya ɗara fuloti ɗaya, wanda ke kusan 465. Wanda ya zagaya ta ɗaya hannun zai ga jimilla ta biyu ta fi girma, amma tazarar ba ta canzawa.

Inda ake faɗawa rami shi ne jeri. Da za a sa D kafin C, lissafin ba zai yi gardama ba, sai dai ya ba da 56 maimakon 518, domin iyakar ta ƙetare kanta. Shi ya sa ya kamata a fara zana kusurwoyin a takarda, a duba ko siffar ta yi kama da filin.

Kada kuma a zuba lambobin digiri da waya ke nunawa. Sai an mayar da su mita. Wayar ma takan kauce da 'yan mitoci, abin da babbar gona za ta shanye amma fuloti ba zai iya ba. Idan iyaka ta bi lanƙwasar rafi, sai a ƙara kusurwoyi a kan lanƙwasar, don dabarar miƙaƙƙen layi kaɗai take ja tsakanin dutse da dutse.